Yadda Ake Karanta Hoton Aikin Famfo: Sunan Kowane Haɗi Da Bawul Da Aikinsa

Masu gida da yawa da ake yi wa gini a Jos ba sa tsayawa a kan aikinsu kullum. Wani yana ofis a Abuja, wata tana kasuwancinta a Kano, sai mai aikin famfo ya turo hotuna ta WhatsApp tare da dogon lissafin kaya: elbo kaza, ti kaza, yuniyon, non-ritan, bak-not. Mai gida ya duba hoton, ba ya ganin komai sai bututu da jan hannu nan da can, ya tura kuɗi. Sai bayan an rufe bango da siminti matsala ta fito, a lokacin kuma gyaran sai da guduma.

Hanyar da nake bi, wadda kuma nake so ka bi, ita ce kada ka fara da siffar kaya. Ka fara da ruwa. Nemo inda yake shigowa cikin hoton, ka bi shi da yatsa har inda zai fita, duk abin da ka tarar a hanya ka tambayi kanka me yake yi wa ruwan a nan. Wurin da aka sa abu shi ne ke faɗa maka sunansa, shi ne kuma ke nuna ko an sa shi daidai.

Za mu bi aiki guda: gida a unguwar Rikkos da ke Jos mai rijiya a tsakar gida, da injin jan ruwa na ƙasa a gefen rijiyar, da tankin roba mai cin lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsayin mita 6, ga kuma layin wata bod, wato ruwan famfon gwamnati, da ya shigo daga titi.

Mataki na farko: ka nemi hoton da zai karantu

Hoton da aka ɗauka dab da haɗi ɗaya ba ya gaya maka komai, domin ba ka san ina bututun ya fito ko ina za shi ba. Ka ce wa mai aikin ya ja da baya ya ɗauko duka wurin a hoto guda, daga bakin rijiya har gindin ƙarfen tanki, sannan ya matso ya ɗauki kowane taron haɗi daban. Kowane bawul kuma a ɗauko gefensa mai rubutu, saboda a nan ake zana girmansa da kibiyarsa. Ya ajiye tef ɗin awo ko akwatin ashana kusa da bututun, don waya takan sa rabin inci ya yi kama da inci ɗaya. Kuma duk wannan kafin a rufe rami ko a shafe bango.

Mataki na biyu: wane irin bututu ne, nawa ne girmansa

Iri uku za ka fi gani. Akwai PVC, fari ko toka-toka ko shuɗi, wanda ake haɗawa da gam, za ka ma ga busasshen gam ya ɗan zubo a bakin haɗin. Akwai PPR, galibi kore, wanda ake narka bakinsa da injin zafi a cusa cikin haɗi, alamarsa kuwa wani ɗan zobe na narkakkiyar roba da ke kewaye da bakin. Sai na ƙarfe, wanda ake yanka wa haƙori a murɗa, a tsofaffin gidajen Jos har yanzu yana nan da yawa.

Girman yana rubuce a jikin bututun. Na roba da milimita ake rubutawa, masu shago kuwa da inci suke kira: 20 shi ne rabin inci, 25 tiri kwata, 32 inci ɗaya. Waɗannan ukun sun ishe ka a gida irin wannan. Kusa da lambar za ka ga PN da wata lamba, irin PN10 ko PN20. Idan lambar ta ƙaru, kaurin bututun da ƙarfin ruwan da zai jure sun ƙaru.

Abu ɗaya da nake so ka zura wa ido a kan PVC shi ne baƙin tabo ko launin ƙuna a wurin haɗi. Wannan yana nufin an gasa bakin bututun da wuta aka buɗa shi aka cusa wani a ciki, don a tsallake sayen soket. A bututun ruwan datti wani lokaci yakan wuce lafiya. A layin da inji ke turawa kuwa, wurin ya riga ya yi siriri, nan ne zai fara tsagewa.

Mataki na uku: kayan haɗi, ka ƙirga bakunansu

Yawancin abin da ba shi da hannu ko abin murɗawa, haɗi ne kawai, ba ya tsayar da ruwa. Mai baki biyu da ya lanƙwasa shi ne elbo, aikinsa juya hanya. Akwai mai cikakkiyar kwana, akwai mai rabin kwana, wanda ruwa ya fi wucewa a cikinsa da sauƙi. Mai baki uku shi ne ti, yana raba layi biyu ko ya haɗa biyu su zama ɗaya. Ka kula da ti sosai, domin duk inda ka gan shi akwai reshen da dole ka san inda ya nufa. Mai baki biyu a miƙe, gajere, mai santsi, shi ne soket, yana ƙara tsawon bututu. Idan baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ridusa ke nan. Idan kuma wani ɗan zobe ne aka cusa cikin bakin babban haɗi don ƙaramin bututu ya shiga, bushin ne. Mai baki ɗaya tak na toshewa ne: wanda ke rufe bututu ta waje kaf, wanda ake murɗawa ciki fulog.

Inda roba ta haɗu da ƙarfe, za ka ga adafta. Gefe ɗaya santsi ne na gam ko na narkawa, ɗaya gefen haƙori. Idan haƙorin a waje yake, namiji ake ce masa, idan a ciki yake, mace. Nifil kuwa gajeren abu ne mai haƙori a waje ta gefe biyu, da wurin kama sifana a tsakiya, ana sa shi tsakanin mata biyu. Duk inda haƙori ya shiga haƙori ya kamata ka hango farin tef ya ɗan leƙo. Ga wata ƙa'ida da ke hana ɓarna: namijin roba a cikin macen ƙarfe ba laifi, amma namijin ƙarfe a cikin macen roba zalla yakan tsaga ta idan an matse da ƙarfi. Tsagar ba lalle ta bayyana ranar ba. Shi ya sa adaftar PPR mai kyau take da tagulla a cikinta.

Yuniyon na bar shi a ƙarshe don shi ne aka fi raina wa, shi ne kuma aka fi kuka da rashinsa. A hoto yana kama da soket mai ƙiba, da babban noti a tsakiya mai tsaga-tsaga ko kusurwa. Gida uku ne: gefe biyu da notin da ke matse su. Amfaninsa shi ne a kwance layi ba tare da an yanka bututu ba. Notinsa ba ya bukatar tef ko gam, domin fuskokin ciki ne ke rufe ruwan, sau da yawa da ɗan zoben roba. Saboda haka idan ka ga an naɗe notin yuniyon da tef, ko an ɗaure shi da robar tif, to yana yoyo ne, an rufe alamar ba a gyara ba.

Mataki na huɗu: bawul, ka duba hannunsa

Bawul mai dogon hannu na ƙarfe, ko mai jan hannu na roba kamar fukafukai biyu, shi ne bol bawul. A cikinsa akwai ƙwallo mai huji, kwata ɗin juyi kawai ake yi masa. Shi kaɗai ne hoto ke iya nuna maka halin da yake ciki: idan hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. A wasu shagunan na robar ana kiransa iya bawul, don haka idan ka ga sunan a lissafi, ka nemi a nuna maka shi a hoto.

Mai hannu zagaye, da ake murɗawa sau da yawa, get bawul ne. Wani faifan ƙarfe ne ke sauka ya tare hanyar. An yi shi don a buɗe duka ko a rufe duka. Idan aka bar shi rabi, ruwa yana ta kaɗa faifan har ya cinye shi. Cutarsa ta tsufa kuwa sananniya ce: hannun yana ta juyawa ba ƙarshe, faifan ya tsinke ya zauna a ciki, ko ya toshe layi ko ya ƙi rufewa. Daga hoto ba za ka san ko a buɗe yake ba.

Akwai kuma bawul marar hannu kwata-kwata. Gajere ne, na tagulla galibi, da kibiya a jikinsa. Wannan shi ne non-ritan, yana barin ruwa ya wuce ta inda kibiyar ta nuna, ya hana shi komowa. Iri biyu ne. Mai sifirin siffarsa kamar ƙaramar ganga, ana iya sa shi a tsaye ko a kwance. Mai marfi, wanda ke da wani babban noti a samansa, ƙofa ce ke lilo a ciki, shi kuma sai a kwance da notin a sama, ko a tsaye idan ruwan sama yake hawa. Idan aka sa mai marfi a layin da ruwa ke gangarowa ƙasa, ƙofar a buɗe za ta rataye, ba abin da zai tare. Idan ka ga non-ritan a hoto, kafin komai ka gwada kibiyarsa da hanyar da yatsanka ke bi.

Yanzu mu bi ruwan gidan Rikkos

Hoton farko ya kama bakin rijiya da inji. Bututun PVC mai lamba 32 ya fito daga rijiya, ya yi elbo, ya tafi a kwance, ya shiga gaban inji ta adafta namiji. Wannan shi ne layin zuƙa. Ta saman injin kuma layin turawa ya tashi: nifil, sai yuniyon, sai non-ritan mai sifirin da kibiya tana kallon sama, sai bol bawul, sannan bututu ya nufi tanki.

Jerin layin turawa ya yi kyau, kuma ga dalili. Idan inji ya lalace, za a rufe bol bawul, a kwance yuniyon, ruwan da ke tsaye a bututun sama ba zai zubo wa mutum a ka ba. Da an sa yuniyon a can saman bawul, da rufewar ba ta da amfani. Ka riƙe wannan a ko'ina: bawul yana gefen da ruwa ke tare, yuniyon yana gefen abin da za a cire.

Layin zuƙa kuwa babu yuniyon. Ranar da za a kai injin wurin mai gyara, sai an sa zarto. Wannan shi ne gyara na farko da za a rubuta. Ka kuma duba ko an rage layin zuƙa da bushin ya koma ƙasa da bakin injin. Idan bakin inci ɗaya ne, bututun kada ya gaza inci ɗaya, in ba haka ba injin zai riƙa ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, ruwan kuma kaɗan. Ɓangaren da ke kwance ya riƙa ɗan hawa zuwa inji, kada ya yi tudu a tsakiya inda iska za ta taru.

Akwai wani bawul da ba za ka taɓa gani a wannan hoton ba, domin yana can cikin ruwa a ƙarshen bututun: fut bawul. Non-ritan ne mai raga a ƙasa. Ragar na tare yashi da ganye, bawul ɗin kuma na riƙe ruwa a cikin bututun bayan an kashe inji. Injin ƙasa ba ya zuƙar iska, dole ne cikinsa da bututunsa su kasance cike da ruwa kafin ya ja. Shi ya sa duk gidan da ka ga kullum da safe sai an kwance ɗan notin saman inji an ɗura ruwa da buta, to ko fut bawul ɗin yana sakin ruwa, ko wani haɗi a layin zuƙa yana shan iska. Ka nemi hotonsa tun kafin a zura shi, ka kuma tambayi nisansa da ƙasan rijiya. Idan ya zauna a kan laka zai toshe, a ɗaga shi kamar rabin mita.

A nan Jos tana da nata hukuncin. Nauyin iskar sama ne ke tura ruwa cikin bututun zuƙa, kuma Jos ta haura mita 1,200 daga saman teku, inda iskar ba ta kai ta bakin teku nauyi ba. Injin da zai ja mita 8 a Legas, a nan ka cire masa fiye da mita ɗaya. Don haka a auna daga inji zuwa fuskar ruwa a ƙarshen rani, wajen watan Maris ko Afrilu, ba da damina ba. Idan ya wuce kamar mita 6 zuwa 7, sauya fut bawul ba zai yi magani ba, injin da ake zurawa cikin ruwa ake bukata.

Hoto na biyu shi ne gindin ƙarfen tanki, kuma a nan maganar take. Bututun da ke hawa daga inji yana da ti a kusa da ƙasa. Reshen ti ɗin ya bi ta wani get bawul, ya nutse cikin ƙasa ta gefen katanga. Da uwar gida ta tambaya ta waya, mai aikin ya ce, "Hajiya, ai wannan layin wata bod ne. Na haɗa su ne don in sun kawo ruwa ya hau tanki da kansa, kin huta da sayen wani bututun."

Ta ce, "To Malam, in babu ruwan wata bod, aka kunna inji, me zai hana ruwan rijiyar bin ta can ya fita titi?"

Ya ce, "Sai a riƙa rufe get ɗin, ranki ya daɗe."

Tambayarta ita ce daidai, amsarsa kuma ba ta isa ba. Ruwan da inji ya turo idan ya iso ti yana da hanya biyu: ya hau mita 6 da ƙari zuwa bakin tanki, ko ya gangara cikin layin titi da ba komai a ciki. Mai sauƙin zai bi. Alamarsa ita ce inji yana ta aiki tanki ya ƙi cika, maƙwabci kuma ya ga famfonsa yana kawo ruwa alhali unguwa ba ruwa. Bayan asarar wuta ko man janareta, ana tura ruwan rijiyar da ba a tace ba cikin layin da jama'a ke sha, wannan kuwa haƙƙin mutane ne. Get bawul zai tare idan an tuna an rufe, amma gida mai yara da 'yan aike ba a dogara da tunawa. Ƙaramin gyara shi ne a sa non-ritan a reshen, kibiya tana kallon gida. Gyaran da na fi so shi ne a raba layukan biyu gaba ɗaya, kowanne ya hau da bututunsa ya shiga tanki ta ƙofarsa. Hoto na uku zai nuna dalili.

Hoto na uku: saman tanki da ƙasansa

Duk inda bututu ya ratsa jikin tanki akwai bak-not. Gajeren bututu ne mai haƙori da faffaɗan kai, da washar roba, da noti mai matse bangon tankin. Idan ka ga farin tabo ko koren gansakuka ya gangaro daga ƙarƙashinsa, yana tsatsafo. Sau da yawa laifin ba na bak-not ba ne, nauyin bututun da aka bari yana reto ba a kama shi da kilif a jikin ƙarfe ba shi ke jansa.

Ƙofar sama ta shiga ce. Idan aka buɗe murfi aka ɗauki ciki, za a ga sanda mai ƙwallon roba a ƙarshenta. Wannan fulot ne: ruwa na hawa ƙwallon na tashi, har ya toshe bakin shiga. Wasu masu aiki shi ma bol bawul suke ce masa, saboda haka idan lissafi ya ce bol bawul uku, ka tambaya ko da na cikin tanki a ciki.

Fulot ya dace da ruwan wata bod, don yakan zo cikin dare ba mai tsaye a kai. Amma a gidan nan layi ɗaya ne ke ɗauko na wata bod da na inji. Idan tanki ya cika fulot ya rufe, inji kuma ba abin da ya gaya masa ya tsaya, sai ya ci gaba da juya ruwan da ba shi da mafita. Ruwan cikinsa ya yi zafi, sil ɗin da ke hana shi yoyo ya lalace, adaftar robar da ke bakinsa ta yi laushi ta fara yoyo. Da an raba layi, na wata bod ya samu fulot ɗinsa, na inji kuma ya zuba kai tsaye, a sa masa makunnin lantarki mai yawo a kan ruwa wanda ke yanke wuta idan tanki ya cika. A hoto za ka gane wannan makunnin da wayar lantarki da ta shiga ta gefen murfi.

Kusa da sama akwai wata ƙofar mai ɗan bututu a buɗe, ta ambaliya. Kada ta gaza ƙofar shiga faɗi, kuma a sa mata raga saboda sauro da ƙadangare. Ba a sa mata bawul.

A ƙasa kuma ƙofar fita ce: bak-not, bol bawul, yuniyon, sannan bututu ya gangara. Bawul ɗin ya zauna dab da tanki, don idan bututun ƙasa ya fashe a iya riƙe lita 2,000 ɗin nan, wanda nauyinsa tan biyu ne. Bayan yuniyon sau da yawa za ka ga ti, da wani siririn bututu da ya miƙe sama a gefen tankin, bakinsa a buɗe, bai haɗu da komai ba. Masu gida kan ɗauka mantuwa ce su ce a toshe. Bututun numfashi ne. Idan tanki ya ƙare aka sake cikawa, iskar da ta shiga layi ta nan take fita, in babu shi famfo ya riƙa tari ko ya ɗauke gaba ɗaya. Sharaɗinsa kawai bakinsa ya haura inda ruwan tanki ke tsayawa, in ya gaza zai riƙa zuba.

Cikin banɗaki, a taƙaice

Ƙaramin bawul mai sheƙi da ke fitowa daga bango a ƙarƙashin wurin wanke hannu ko gefen masai shi ne angul bawul. Da shi ake rufe wa abu ɗaya ruwa ba tare da an kashe na gida duka ba. Tiyo mai saƙar ƙarfe da ke tashi daga shi zuwa kan famfo ana ce masa fileksibul.

Hitar ɗumama ruwa kuwa, sanyin Jos ya sa sababbin gidaje da yawa suna da ita, kuma a nan ba na sassauci. Tana da baki biyu, mai shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi, mai jan zobe na fitar mai zafi. A bakin shuɗin dole ka ga ɗan bawul na tagulla mai kibiya da ƙaramin hanci a gefe. Sefti bawul ke nan. Yana hana ruwan hita komawa baya ta bushe, kuma idan ƙarfin ruwa ya yi yawa a ciki sai ya saki ta hancin. Ɗigar da yake yi lokacin ɗumama ruwa aikinsa ne. Idan hoto ya nuna an toshe hancin, ko an sa wani bawul mai hannu tsakaninsa da hitar, ko babu shi sam, kada a kunna hitar sai an gyara. Layin jan bakin kuma ya zama PPR mai PN20 ko sama, ba PVC ba, don PVC ba ya jure ruwan zafi.

Mataki na ƙarshe: sa lamba, gwada da lissafi

Buɗe hoton a wayarka, ka yi amfani da alƙalamin zane ka sa wa kowane abu lamba bisa tafiyar ruwa, 1 a wurin shiga, har ƙarshe. A takarda ka rubuta lambar, sunan, girman, da aikinsa a jimla ɗaya, misali: lamba 6, non-ritan inci ɗaya, yana hana ruwan bututun tanki komawa inji. Duk wanda ka kasa rubuta wa aiki, shi za ka tambaya. Ka tura wa mai aikin hoton da lambobin, ka ce, "Malam, lamba 9 ina reshensa ya nufa?" Tambaya irin wannan ba ta ɓata rai, kuma ma'aikacin kirki zai amsa ta nan take. Sannan ka ƙirga bawul da yuniyon da ke hotuna ka gwada da lissafin kuɗi. Elbo da soket suna da araha, a kan bar rara saboda ɓarna, amma bawul ɗin tagulla kowanne ya kamata ka gan shi a mazauninsa.

Hoto ba ya nuna ko gam ya kama, ko narkakken PPR ya toshe rabin hanya ta ciki saboda an bar shi a injin zafi fiye da kima. Wannan sai gwaji. Kafin a rufe bango, a toshe duk bakuna da fulog, a cika tanki, a buɗe bawul ɗin fita har layi ya cika, a yi alama a daidai fuskar ruwa a cikin tankin, a rufe hanyar shiga, a bar shi ya kwana. Da safe a ɗauko maka hoton alamar. Idan ruwan ya sauka, a bi haɗin ɗaya bayan ɗaya da busasshiyar takarda, wanda ya jiƙa ta a yanke shi a sake sabo, ba a shafa masa gam ta waje ba.